Taken Labarin Kaka

Edita ta ja jan layi a ƙarƙashin taken, "Kaka Ta Sake Ɓatar da Makulli", ta turo wa marubucin takardunsa. Da yamma za a kai mujallar wurin bugawa.

"Malam, take alkawari ne, kuma naka dariya ya yi wa mai karatu alkawari," ta ce. "Jimlar farko ma haka: 'A cikin firiji muka tsinci takalmin Kaka.' Mutum zai saki jiki, sai ka rufe labarin da ranar da tsohuwar ta kasa gane jikanta. Zai ji an shammace shi. Ka sa alamar baƙin cikin tun daga sama, ya shirya."

Ya gwada "Mantuwa". Ya gwada buɗewa da ɗakin likita. Duka sun zauna daidai, sai dai sun sa mai karatu ya riga mutanen gidan Kaka sanin abin da ke tafe. Ya soke su.

Ya koma wurin editar ya ce, "A bar shi haka, ranki ya daɗe. Mu ma ba wanda ya shirya mu. Dariya muke ta yi, har ranar da na shiga gaishe da kakata, ta ce a kawo wa baƙo ruwa."