Wayar Bappa Nata'ala

Nata'ala yana da shagon kayan masarufi a Dubeli, cikin Jimeta. Shi ya riƙe Muhsin, ɗan ƙanensa, tun shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi suka kashe uban yaron. Uwar ta sake aure a Garwa. Muhsin bai wuce shekara biyar ba a lokacin, yanzu ya kai sha shida, kuma kamannin mahaifinsa sak. Wani lokaci Nata'ala yakan kira shi da sunan marigayin.

Da idonsa ya fara rauni, sai ya bar wa yaron wayarsa da lambar sirrin banki, don ya riƙa duba alat, wato saƙon shigar kuɗin masu ciniki.

Wata Asabar da rana wata mai ciniki, Madam Rhoda, ta sayi shinkafa, ta ce ta tura kuɗi. Nata'ala ya karɓi wayar daga hannun Muhsin don ya gani da kansa. Sai ya ga sunayen ƙungiyoyin ƙwallo a jere, da lambobi a gefensu.

Da Nata'ala ya tambaye shi ko caca yake yi, Muhsin bai musa ba. Ya ce tun da shekarunsa ba su kai sha takwas ba, da sunan Bappa da lambarsa ya buɗe asusun caca. Daga banki yake zuba kuɗi, ya goge alat ɗin. Yakan haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, naira ɗari biyar ta zama dubu ɗari biyu in duka sun ci, amma ko ɗaya ya faɗi, tikitin ya mutu. Ya taɓa cin dubu tara a makon farko. Daga nan asara ta fara, ya koma wasan kwamfuta mai ƙarewa cikin minti uku, yana ninka kuɗi don ya maido da abin da ya tafi. A wata biyu, dubu ɗari huɗu na sarin kaya sun salwanta.

"Bappa, so nake in je in ga Inna da abin hannuna," in ji shi. "Wasa tara nake ci, ɗaya ke ɓata mini."

Nata'ala ya mare shi a gaban mutane. "Gara da na bar ka a hanyar Mubi," ya ce.

Kafin la'asar Muhsin ya bar gida. Wani mai keke ya ce ya sauke shi a tasha. An kira Garwa, uwar ta ce bai iso ba.

Wata biyar ke nan. Rabin kantocin shagon babu kaya, amma Nata'ala ba ya zancen kuɗin. Duk sanda wayar ta yi ƙara, yakan zabura ya duba ko Muhsin ne. Yawanci kamfanin cacar ne, yana kiransa da sunansa, wai garaɓasa na jiransa.

Iyaye, mu san abin da yaranmu ke yi da wayoyinmu, kada mu ba su lambar sirri. Caca ba sana'a ba ce, an tsara ta ne don kamfani ya ci. In kuma yaro ya faɗa, mu janyo shi jiki mu gyara shi. Kuɗi kan dawo, amma maganar da ta kori ɗa ba ta komawa baki.