Minti na Arba'in da Bakwai

A shekara guda Uwar ɗaki ta rasa miji, ta gaji kamfanin ɗinki mai kekuna sittin da ƙanin mijin da bai da aiki sai lissafin rufin ginin da ido. Karatunta bai wuce gane sunanta ba, amma ko allura ba ta taɓa saki a farashin farko ba, kuma ba ta dangwala yatsa a takarda sai an karanta mata sau biyu.

Ranar Talata ƙanin mijin, wanda shi ne sakatare, ya jefa wa akawu shafi tara na bayanin zaman da aka yi da mai sayen kamfanin.

"Mayar min da shi shafi ɗaya. Abin da aka yanke kawai, ban da surutu."

Akawu ba ta taƙaita takarda daga takarda. Ta ɗauko rikodar ofis, ta sa abin kunne, tana saurare tana bin rubutun da fensir. Gaisuwa da tari da gardamar kujeru ta soke su. Duk inda aka yanke magana sai ta tsayar, ta rubuta mintin a gefe da wanda ya faɗa.

A minti na arba'in da bakwai muryar Uwar ɗaki ta fito tar, a gaban wakiliyar teloli: "Ba zan sayar ba sai an rubuta cewa ba za a kori mace ko ɗaya ba." Har tafi aka yi.

Shafi na shida kuwa cewa ya yi: ta amince, batun ma'aikata ta bar wa mai saye.

Akawu ta mayar da rikodar baya sau uku. Ta leƙa ta gilashi, ga mahaifiyarta a keke na huɗu, shekara ashirin da biyu tana taka shi. A ƙasan shafi na tara kuma ga shuɗin yatsan Uwar ɗaki. Mutum ya cuci matar wansa don ba ta iya karatu, tir!

Ta shige ofishin Uwar ɗaki ko sallama babu.

"Ranki ya daɗe, an sa miki magana a baki."

Ta karanta mata layin, ta kunna mata muryarta. Uwar ɗaki ta saurara har ƙarshen tafin, tana ɓare lemo.

"Kai, na iya magana. Kashe abin nan, 'yar nan."

"In aka tabbatar da wannan a zama na gaba, shi ne hujja. Sakatare ya cuce ki!"

"Wa, wannan ragon?" Ta tofar da ƙwallo a tafin hannu. "Kashi biyar cikin ɗari mai saye ya ce zai ƙara min a kan kuɗin in aka cire layin nan. Kwana uku na ja shi. Sai da ya kai sha biyu na dangwala."