Saƙo Zuwa Ga Direba

Sau huɗu ina rubuta "sannu" ina gogewa. Abokina Direba ya tsani kalmar nan. Bara wata guda ya yi bai kula ni ba saboda ita. Yau ranar haihuwarsa ce, ga shi a kan injin wankin ƙoda.

A ƙarshe na rubuta: "Shekara shida, sau uku a mako, ruwan sha ma sai da awo, amma ba ka fasa kai yaranka makaranta ba. A wurinka nake koyon jarumta. Allah ya ƙaro shekaru, mai taurin kai."

Na tura. Waya ta yi ƙara a gadon kusa da nawa.

Ya karanta, ya juyo yana murmushi. "Sabon shiga, miƙe hannunka. Ka lanƙwasa tiyo, injinka yana kuka."