Begen Tsohuwa Mai Daddawa

"Baffa, shin bege waƙa ne ko ba waƙa ba ne?"

Nafi'u ƙanen maigidana ne ya yi tambayar, ina bayan ɗakin da suke zaune ina tankaɗe, da hantsi. A jami'a yake, an ce ya rubuta bincike kan waƙoƙin matan garinmu, ya rasa ko zai sa masu bege a ciki. Baffan maigidana kuwa ba ya amsa tambaya kai tsaye. Sai ya ce bari ya ba shi misali. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na riƙe abin da na ji.

Ya ce a wani gari an yi wata tsohuwa mai daddawa, wadda in ta ɗora begen Manzon Allah ranar Mauludi har masu wucewa sukan tsaya a bakin zaure. Wata shekara masu bincike biyu suka zo garin. Na farko, a wurinsa duk muryar da ke tashi tana sauka bisa kari, tana da ma'auni da amshi, to waƙa ce, ko me masu ita suke kiranta. Ya kafa na'ura ya ɗauki baiti kaɗan, ya auna inda take jan numfashi da inda mata ke karɓa, har ya gano karin nata ɗan'uwan karin waƙar niƙa ne ta matan yankin. Bai yi ƙarya ba. Sai dai da ya koma, ya ajiye muryarta a rukunin kiɗa da waƙa, tsakanin masu kalangu da zabiyoyin biki, aka kuma sa ta a rediyo a haka. Kafin mako ya zagayo, a kasuwa ana cewa a sayo daddawa wajen zabiya. Matar da ko tukuici ba ta taɓa karɓa ba, wadda ba ta fara bege sai da alwala! Ta ce ita ba maroƙiya ba ce, ibada take yi. Daga ranar ta kama bakinta.

Na biyun ya ce ai laifin ma'anar da na farkon ya ba waƙa ne, abu sai a kira shi yadda masu shi ke kiransa. A garin, kiɗa na makaɗa ne, waƙa ta mawaƙa ce, zikiri da bege kuwa na masu neman lada ne. Ko bandiri in ana zikiri, masu buga shi ba sa yarda a ce musu makaɗa. Saboda haka ya sa nata a rukunin addini. Tsohuwa ta ji daɗi, ta zauna ta faɗa masa baitocin duka da baki, kamar mai biya karatu. Ya rubuta, ya fitar da ma'aunin baitocin, ya nuna kalmomin da aka ɗauko daga Larabci. Amma tunda ba waƙa ba ce a wurinsa, bai ga dalilin tambayar yadda ake rera ta ba. Suka yi shekaru suna ja-in-ja a taron masana, wannan na cewa wancan ya toshe kunne, wancan na cewa wannan ya ɗora wa mutane sunan da ba nasu ba. Suna cikin haka Allah Ya yi wa tsohuwa rasuwa. Ɗaya na da murya guntuwa, ɗaya na da kalmomi bebaye, kuma ba wanda ya taɓa haɗa su, don ba a ɗaki ɗaya aka ajiye su ba.

Nafi'u ya yi dariya ya ce, "To Baffa, ai ka ƙara ɗaure ni." Baffa ya ce, "Da ma a sake kake, ɗan boko?"

Sai a lokacin na lura tun ɗazu ina rera wani abu ƙasa-ƙasa, rariya na bin sa. Begen da kakata ta koya mini ne, kari da baiti, babu abin da ya ɓace mini. Da na ɗaga murya kaɗan, da Nafi'u ya sami abin da yake nema a cikin gidansu. Amma ban san wane suna zai kira ni da shi a takardarsa ba, shi ma bai sani ba tukuna. Na haɗiye sauran baitin, na ƙudura a raina ba wanda zan gaya wa, ko maigidana.

Na ji Baffa yana jawo takalmansa yana cewa, "Kafin ka kunna na'urarka, ka san me za ka kira abin da ka ɗauka, don can za ka ja shi. Hausawa suka ce, suna linzami."