Kansilan da ya nemi matasa a ƙurarren lokaci

Ka tambaye ni, Honorabul, me ya sa yaran mazaɓarka suka daina zuwa taro. Bari in ba ka misalin wani kansila da na sani.

Dattijo ne, ya daɗe kan kujera, kuma ba mugu ba ne. Sai dai a mazaɓarsa ba a filin taro ake yanke magana ba, a falonsa ake yanke ta. Shi da shugaban jam'iyya da 'yan tsofaffin abokansu su ne masu ruwa da tsaki. Su ke zaɓen daliget, daliget kuma su ke fidda ɗan takara, ɗan takarar kuwa kullum shi ne, a ce an yi maslaha. Shugaban matasa ma surukinsa ne, mai furfura har a gemu. Matasa dai an yi musu katin jam'iyya don a nuna wa jiha yawa. Su ke liƙa fosta, su jera kujeru, su cika gangami da babura, in aka zo shawara a bar su a ƙofar gida. Da majalisar ƙaramar hukuma ta tashi 'yan acaɓa da masu gyaran waya daga bakin kasuwa zuwa bayan gari, inda ba fasinja ba wuta, kansilan ya ɗaga hannu ya amince bai tambayi kowa ba. A rediyo suka ji. Suka wakilta wani mai gyaran waya ya je ya yi bayani, ya durƙusa ya faɗi damuwarsu. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "An riga an gama magana, ɗana. Ku yi haƙuri, lokacinku na zuwa."

Da zaɓen fidda gwani ya matso, uwar jam'iyya ta ce bana ba daliget, ƙato bayan ƙato za a yi, duk mai kati ya shiga layin wanda yake so. Nan dattijon ya aika a kira matasa. Aka shigar da su falon da ba su taɓa takawa ba, aka zaunar da su a kan kujeru, ya yi alkawarin zai kafa musu kwamiti. Suka yi godiya cikin ladabi, suka tafi. Ranar zaɓe ya tsaya a filin makarantar firamare, ya waiwaya, bai ga kowa a bayansa ba sai tsofaffin falonsa da surukinsa. Layin mai gyaran wayar nan kuwa, wanda matasa suka tsayar takara, ya kewaye katanga.

Ba tsufansa suka ƙi ba, Honorabul. Kai kuwa da sauran lokaci a gabanka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.