Sai Na Ga Wanda Ya Zana Ɗakunan Nan

Kwana biyar Mama ba ta ci abincin kirki ba. Babbar 'yarta, wadda ta kammala karatun zanen gine-gine, za ta dawo ta ga ɗakuna biyu da banɗaki da kicin da aka gina a bayan gida ba ta nan. Yarinyar kuwa ko masallaci ta shiga sai ta ɗaga kai ta yi wa silin tsaki.

Mama ta riga ta gaya wa kowa, har magini, cewa wani babban mai zane ne ya zana.

'Yar ta ajiye jaka a falo, ƙarƙashin kalandar da watan Maris ɗinta ya ɓace, ta naɗe hannun riga.

"Abu uku ake tambayar gini, Mama: ƙarfi, amfani, kyau. Ya faɗi ɗaya, ya faɗi duka."

Ta fara da ƙarfi. Ta ƙwanƙwasa bango da makulli, ba ta ji ƙarar rami a bayan filasta ba. Ta duba kusurwoyin tagogi, inda tsagewa ke fara bayyana in tushe ya zauna. Babu ko zare. Ta tambayi zurfin tushen.

"Ƙafa huɗu, sai da aka taɓo ƙasa mai tauri. Bulo inci tara, linta mai rodi a kan kowace ƙofa," in ji Mama. Sai ta kama baki. "Haka dai na ji."

Sai amfani. Ta buɗe tagogin da ke kallon juna, iska ta ratsa ta ɗage mata ɗankwali. Bangon yamma babu taga, zafin la'asar ba ya shiga. Ta kwara bokiti a banɗaki, ruwan ya bi gangare ya shige magudana. A kicin ta miƙa hannu, ga kantar jera kwanuka daidai tsayin Mama.

"Wannan mutumin ya taɓa girki!"

Mama ta ji ƙafafunta suna neman rawa. Ta danne su.

Kyau kuwa, sai da 'yar ta ja baya har bakin famfo. Saman tagogi da na ƙofofi layi ɗaya, bakin rufi ya jefa inuwa a bango. Ba ado ko ɗaya, amma ido ya ƙi tashi.

"Matakala ta uku ta fi 'yan'uwanta tsayi," ta ce.

"Sai da na gaya wa maginin nan!" in ji Mama.

'Yar ba ta ji ba, tana ta tsalle. Ta rungume Mama, ta ce ta sami ubangida. Litinin za ta kai takardunta ofishinsa, ko shara ce ta yarda.

Mama ta shige ɗaki, ta toshe baki da filo, ta yi dariya har da hawaye. Sai kuma ta tuna da Litinin.

To jama'a, ku ba Mama shawara: wane ofishi za ta nuna wa yarinyar nan ranar Litinin, alhali ita da kanta, da ilimin firamarenta, ta zana ginin da jagira a bayan takardar watan Maris ta kalandar falo?